Kafin ka rubuta "Wace ce Nafisa?", tsaya ka ji yadda ake waiwaye a labari

Idan kana karanta littattafan Hausa a waya, ko a Wattpad ko a guruf-guruf na WhatsApp, na san ka san wannan wurin. Labari ya ɗauki zafi, yarinya ta buɗe ƙofa ta ga mutumin da ba ta yi zato ba, kofin da ke hannunta ya suɓuce ya tarwatse, kai kuma ka gyara kwanciya kana jiran ka ji me za ta ce masa. Sai kawai ka ga an jero taurari a tsakiyar shafi, a ƙasansu an rubuta da manyan baƙaƙe: WACE CE NAFISA? Daga nan sai a ɗauko maka tun daga kakanta da ya taso daga ƙauye da sandarsa, da matansa uku, da 'ya'yan kowace ɗaya da sunayensu da inda kowa ke aure. Kafin a dawo da kai bakin ƙofar nan an ci shafi huɗu, kai kuma har ka manta wa ma ya yi sallama.

Wannan komawa baya ita ce waiwaye, wadda 'yan fim ke kira filashbak. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, kuma marubutanmu na son kafa hujja da karin maganar nan duk lokacin da za su koma baya. To amma ka lura da mai tafiya idan zai waiwaya. Wuyansa kawai yake juyawa, ƙafarsa ba ta daina takawa ba. Wanda ya ajiye kayansa ya juya gaba ɗaya ya kama hanyar gida, wannan ya fasa tafiyar ne.

Matsalar tana da sauƙin ganewa idan ka san abin da ke riƙe mai karatu. Tambaya ce ke riƙe shi: me zai faru yanzu? Duk abin da ke cikin waiwaye kuwa ya riga ya faru, an gama, ba mai iya canza shi. Idan ka nuna mana Nafisa tana 'yar shekara goma zazzaɓi ya kwantar da ita har ana salati a kanta, babu wanda gabansa zai faɗi, domin mun riga mun gan ta da ranta tana da shekara ashirin da biyar a bakin ƙofa. Shi ya sa duk waiwaye bashi ne kake ci a wurin mai karatu. Ka ce masa ya ajiye tambayar da yake ɗauke da ita ya bi ka baya, saboda haka dole abin da za ka ba shi a can ya kai kuɗin jiran da ya yi.

Misalin da na fi so a nan ba daga littafi ya fito ba, daga fim ɗin Indiya ne wanda iyayenmu suka kalla tun zamanin silima, mu ma yawancinmu mun gan shi: Sholay, wanda ya fito a 1975. Ramesh Sippy ne ya ba da umarni, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta. Idan ba ka taɓa kallo ba, yi haƙuri, zan tona maka asirinsa, amma fim ɗin da ya kai shekara hamsin ai ba a yi masa rufa-rufa.

Thakur Baldev Singh, wanda Sanjeev Kumar ya fito a matsayinsa, tsohon ɗan sanda ne. Ya ɗauko ƙananan ɓarayi biyu, Jai da Veeru, wato Amitabh Bachchan da Dharmendra, ya ce su kamo masa ɗan fashin nan Gabbar Singh. Gwamnati ta sa ladan rufi dubu 50 a kan Gabbar, shi Thakur ya ƙara musu dubu 20 daga aljihunsa, amma da sharaɗi ɗaya: da ransa yake son sa. Tun daga nan an shuka maka tambaya. Me ya sa da rai? Me ya haɗa su? Fim ɗin bai amsa ba. Sai ma ya ci gaba da zuba maka ƙananan alamu. Kullum Thakur yana lulluɓe da mayafi. Baransa Ramlal ne ke yi masa komai. A gidan akwai wata budurwar bazawara, Radha, cikin fararen kaya, ba ta magana, sai dai da dare ka gan ta tana zagawa tana kashe fitilu. Katafaren gida, amma shiru kamar an yi shara. Kana kallo kana jin cewa wani abu ya faru a gidan nan, ba wanda ya ce maka uffan.

Sai ranar bikin Holi, Gabbar da yaransa suka afka wa ƙauyen Ramgarh. Ana cikin artabu, an rutsa Jai da Veeru, ga bindiga a ƙasa dab da ƙafar Thakur, amma ya tsaya ƙiƙam bai sunkuya ya ɗauka ba. Da ƙyar suka kori 'yan fashin. Bayan ƙura ta lafa suka zo masa a fusace, suna ganin matsoraci ne, har suna shirin barin aikin. Ka ga a nan ba mai kallo kaɗai ke tambaya ba, su kansu mutanen cikin labarin sun tsare shi suna neman amsa, kuma idan bai ba su ba, yarjejeniyar ta wargaje, fim ya ƙare. A daidai wannan gaɓar aka buɗe waiwaye. Muka ga yadda ya kama Gabbar aka ɗaure shi, yadda Gabbar ya tsere daga kurkuku ya je ya karkashe iyalinsa har da jikansa ƙarami, yadda Thakur ya bi shi shi kaɗai cikin fushi, aka kama shi aka ɗaure. Da aka dawo yanzu, sai iska ta yaye mayafin, hannayen rigarsa suna reto babu komai a ciki. Gabbar ya sare masa hannaye biyu.

Yanzu duba abin da waiwayen nan ya yi. Ya amsa tambayar da aka yi minti kaɗan da suka wuce, ta bindiga. Ya amsa wadda aka shuka tun farko, ta kamo shi da rai. Ya sa duk abin da ka gani a baya ya canza ma'ana, mayafin da baran da shirun Radha. Abu mafi muhimmanci kuma, ya canza abin da ya biyo baya. Mutanen da suka zo don kuɗi, suke shirin tafiya, suka ce sun yafe kuɗin, za su yi aikin don kansu. Wato labarin bai dawo inda ya tsaya ba, ya dawo ya tarar da kansa a gaba.

Ka gwada a ranka a ce an buɗe fim ɗin da kisan iyalin, a jere yadda abin ya faru. Za ka ji tausayi, ba shakka, amma na mutanen da ba ka sani ba. Wurin bindigar kuma ya mutu murus, domin ka riga ka san ba shi da hannu, sai dai ka zauna kana jin haushin Jai da Veeru da suka kasa gane abin da kai ka sani tun ɗazu. Abu ɗaya ne aka nuna, kisa ɗaya, mutane ɗaya. Wurin da aka ajiye shi ne kawai ya bambanta. Kuma fim ne da ya haura awa uku, amma waiwayensa 'yan ƙalilan ne, ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Akwai na farko, inda Thakur ke ba da labarin yadda ya ga jarumtar samarin a harin jirgin ƙasa, wanda ya amsa dalilin da ya sa ɗan sanda zai nemi ɓarayi su yi masa aiki. Akwai kuma wanda aka nuna Radha kafin masifar, mai surutu da dariya, shi ma bai zo ba sai da Jai ya fara sonta, mu ma muka fara son sanin ko haka take tun asali.

To mu dawo gida, mu ɗauki Nafisar nan mu yi aiki a kanta, tunda gani ya kori ji. Labarin ƙirƙira ne, na shirya shi don wannan bayanin kawai.

Nafisa nas ce, tana aikin dare a sashen gaggawa na wani asibiti. Ƙarfe biyu na dare aka shigo da wani dattijo da mota ta buge, jini na zuba. Tana haska fuskarsa ta gane shi: Baffa Sani ne, ƙanin mahaifinta. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kwana kaɗan bayan sadakar arba'in ɗin babanta, shi ne ya sayar da gidan da suke ciki, ya ce wai marigayin bashi ya bari, Umma ta kwashe su suka koma ɗaki ɗaya na haya. Yanzu ga shi kwance, ana neman jini, babu irin nasa a ma'ajiyar asibitin, an gwada ɗansa Abba bai yi daidai ba. Nafisa ta san nata irin nasa ne.

Marubuci da yawa a nan zai ji hannunsa na ƙaiƙayi. Ya san tarihin gidan nan kaf, ya sha wahala wajen tsara shi, kuma yana tsoron kada mai karatu ya kasa gane dalilin da ya sa Nafisa ta daskare. Sai ya yanke a daidai inda ta haska fuskar, ya buɗe "Wace ce Nafisa?" Abin da ya manta shi ne akwai mutum a kan gado jini na zuba. Wannan fage yana da agogo, kowane minti da ya wuce dattijon yana matsawa kusa da kabari, kuma agogon nan shi ne dukiyar marubucin gaba ɗaya. Da ka tafi shafi huɗu cikin tarihin kakanni, ka gaya wa mai karatu cewa ashe jinin zai iya jira. Idan ka dawo ba zai ƙara yarda da gaggawarka ba.

Akwai hanyoyin shigo da baya da ba sa buƙatar ka bar ɗakin ko da taku ɗaya, kuma da su ya kamata ka fara. Na farko shi ne bakin mutane. Ga yadda zai iya zuwa:

Abba ya riƙo gefen rigarta. "Yaya Nafisa, Baba ne fa. Ba ki gane shi ba?"

"Na gane shi." Ta zare rigarta a hankali, ta juya wurin ɗayar nas ɗin. "Sista, a rubuta sunan mara lafiya. Sani Garba."

"Baffanki ne?"

"A rubuta Sani Garba."

Ka ga ba a koma baya ba ko da daƙiƙa ɗaya, amma duk Bahaushen da ya karanta wannan ya san akwai magana. 'Yar Hausa ba ta kama sunan ƙanin ubanta gatsau haka a gaban mutane sai da dalili mai nauyi. Wannan wata dama ce da harshenmu ya ba mu kyauta: alkunya da sunayen girmamawa suna ɗauke da tarihi. Matar da ta saba cewa "Abban Ilham" ranar da ta ce "Kabiru" ba ka buƙatar shafi biyu na bayani. Yanzu mai karatu ne da kansa yake tambaya me Baffa ya yi, kuma agogon bai tsaya ba.

Hanya ta biyu ita ce ɗan gajeren tuni, jimla biyu ko uku, wanda wani abu da ke cikin ɗakin ya tayar. Dole abin ya kasance a ɗakin, ana ganinsa ko ana jin ƙamshinsa ko sautinsa, domin haka tunani yake zuwa wa mutum a zahiri. Ba wanda ke tsayawa a tsakiyar tashin hankali ya ce bari in tuna rayuwata daga farko. Abu ne ke fizgo shi.

Ta kamo hannunsa za ta nemi jijiya, sai yatsunta suka taɓa agogo. Baƙin madauri, gilashin da ɗan tsagu a gefen ƙarfe uku. Ita ta tsaga shi, tana aji biyu na firamare, Baba kuma bai taɓa canzawa ba, wai don ya riƙa tuna ɓarnarta. Ranar da suka kwashe kaya Umma ta neme shi har cikin buhun gawayi.

"Nafisa, jijiya!" likita ya daka mata tsawa.

Ta kwance agogon ta ajiye a kan tire, ta soka allurar.

Ƙirga ka gani, abin da ya shafi baya a nan jimla biyu ne rak, bai kai kalma arba'in ba. Amma me ka samu? Baba ya rasu ko ya tafi, yana wasa da 'yarsa, sun taɓa kwashe kaya daga wani gida ba cikin daɗi ba, kuma abin da Umma ta nema ta rasa yana hannun mutumin nan shekara da shekaru. Ban ce maka Baffa azzalumi ne ba, kai ka yanke wannan hukuncin, kuma hukuncin da mai karatu ya yanke da kansa ya fi wanda aka karanta masa zama a zuciya. Ka lura kuma da ƙofar shiga da ta fita. Da agogo aka shiga, da agogo aka fita, tsawar likita ce ta dawo da ita, hannunta bai daina aiki ba.

A nan akwai wani abu na nahawu da ke kayar da mutane, kuma ban cika jin ana maganarsa ba. A Hausa, idan kana jero abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya, da "suka" kake tafiya: suka shigo, suka zauna, suka gaisa. Kunnen Bahaushe ya saba cewa duk "suka" da ta biyo wata, abin da ya faru na gaba ne. Saboda haka idan kana tsakiyar fagen asibiti ka rubuta "suka kwashe kaya suka koma gidan haya" ba tare da wata alama ba, mai karatu zai ɗauka daga asibitin suka kwashe kayan, sai ya yi layi biyu kafin ya gane an koma baya, ya dawo ya sake karantawa. Duk inda mai karatu ya sake karanta layi don ya gane lokaci, ka yi asararsa na ɗan wani lokaci. Maganin shi ne jimlar farko ta waiwaye ta ɗauki tambarin lokaci a goshinta: "tana aji biyu", "ranar da", "shekarar da aka yi ambaliya", "sun taɓa", "a da yakan". Da zarar ka kafa wannan, kana iya ci gaba da "suka" ɗinka. Wajen dawowa ma haka, ka kama wani abu na yanzu da mai karatu ya riga ya sani, murya ko ƙarar na'ura ko warin magani. Idan ka yi wannan da kyau ba ka buƙatar layin taurari, ba ka buƙatar rubuta "ci gaban labari".

Sai hanya ta uku, cikakken waiwaye, inda za ka bar asibitin ka kai mu tsakar gidan nan ranar da aka sayar da shi, da maganganu da komai. Labarin Nafisa ya cancanci guda ɗaya, ni a ganina ɗaya tak. Tambayar ita ce a ina. Ba lokacin da aka shigo da shi ba, domin a lokacin hannu ake buƙata. Wurinsa shi ne inda fagen da kansa ya yi numfashi, kuma wani ya matsa mata da tambaya. An tsayar da zubar jinin na ɗan lokaci, likita ya ce a nemo jini kafin asuba, Nafisa ta fito baranda, Abba ya biyo ta ya durƙusa: "Don Allah Yaya, me Baba ya yi muku? Ni ina yaro, ba wanda ya taɓa gaya min." Ka ga irin ta Thakur ke nan. Wanda ke tambaya yana da abin da zai rasa, wadda za ta amsa tana da shawarar da za ta yanke, kuma amsar ce za ta yanke ta.

Idan ka shiga, kada ka fara daga rashin lafiyar Baba, da jinya, da rasuwa, da zaman makoki. Rana ɗaya za ka ɗauka, a cikin ranar ma awa ɗaya: lokacin da mai sayen gidan ya shigo da ma'auninsa yana auna tsakar gida, Umma tana cikin takaba ba ta iya fitowa ta yi magana da shi, sai ta bayan labule take roƙon Baffa, shi kuma yana duba agogo yana cewa yana sauri. Ka shiga a makare, ka fita da wuri. Idan shafinka na ranar kalma dubu ɗaya da ɗari biyar ne, ni zan ce kada wannan ya wuce ɗari uku zuwa ɗari huɗu. Ba doka ba ce, ma'auni ne kawai da zai tilasta maka zaɓe. Kakan da ya taso daga ƙauye, da matansa uku, ka bar su a littafinka na tsare-tsare. Kai kana buƙatar saninsu don ka rubuta mutanenka da kyau, mai karatu ba ya buƙata.

Ga kuma gwajin da ya fi kowanne tsanani. Bayan ka gama, ka goge waiwayen gaba ɗaya, ka haɗa layin da ke gabansa da wanda ke bayansa, ka karanta. Idan labarin ya tafi sumul ba abin da ya ɓace, to waiwayen kaya ne kawai aka ɗora wa jaki, cire shi. A labarin Nafisa, a ce kafin waiwayen tana tsaye ta juya wa Abba baya, bayan waiwayen ma tana tsaye ta juya masa baya, to ba a yi komai ba. Dole wani abu ya motsa. Wataƙila tana cikin ba shi labarin ne ta tuna wani abin da ta daɗe da binnewa: a ranar, wani yaro ɗan shekara shida ya biyo motar kayansu da gudu yana kuka yana miƙo mata 'yar tsanarta da ta manta. Yaron shi ne wannan da ke durƙushe a gabanta. Yanzu idan ta nannaɗe hannun rigarta ta nufi ɗakin ɗibar jini, mun san ba don Baffa ta yi ba, kuma ba mu buƙatar ta yi mana wa'azi a kan yafiya. Cire waiwayen, shawararta ta zama ba ta da tushe. Wannan shi ne waiwayen da ya biya kuɗin zamansa.

Za ka iya cewa, to ai akwai finafinan da kusan rabinsu waiwaye ne kuma mutane na son su. Gaskiya ne. Kuch Kuch Hota Hai na Karan Johar, 1998, ya kwashe wani babban kaso na farkonsa a zamanin kwaleji. Amma duba yadda aka ɗaure shi. Yarinya ce 'yar shekara takwas take karanta wasiƙa ta takwas, ta ƙarshe, da mahaifiyarta Tina ta bar mata kafin ta rasu, kuma wasiƙar ta ƙare da aiki: ta nemo Anjali ta haɗa ta da babanta. Sau ɗaya aka tafi, aka daɗe, aka dawo da abin da ya tuƙa sauran fim ɗin gaba ɗaya. Kuma an tafi ne tun kafin labarin yanzu ya ɗauki gudu, babu wani mai zubar jini da aka bari a kan gado. Tsawo shi kaɗai ba shi ne laifin ba. Abin da ke kashe labari shi ne yawan zirga-zirga, a je a dawo, a je a dawo, kowane sabon mutum da ya shigo sai an tsaya an karanto asalinsa. Idan kuma ka ga waiwayenka ya fi labarin yanzu daɗi, kai kanka ka fi jin daɗin rubuta shi, to ka tsaya ka tambayi kanka ko a wurin da bai dace ba ka fara. Wataƙila labarin naka na yarinyar da aka kora daga gidan ubanta ne, asibitin kuwa babin ƙarshe ne. Ka fara daga can ka taho a miƙe, ba wanda zai kama ka.

Masu fim da masu gajerun bidiyo, ku ma abin ya shafe ku, har ya fi. A rubutun fim ana ƙiyasta shafi ɗaya a matsayin minti ɗaya a allo, saboda haka waiwayen shafi uku minti uku ne cur da mai kallo zai yi yatsansa na kan waya. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yi yawa a finafinai masu dogon zango: jaruma ta zauna a bakin gado ta yi tagumi, hoto ya koma fari da baƙi, a sake nuna mana fagen da muka kalla makon jiya, daga sallama har sallama. Wannan maimaici ne, tunda babu sabon abin da muka sani bayansa, kuma mai kallo ya san cike lokaci ake yi, shi ya sa yake jan bidiyon gaba. Idan tunatarwa kake so, daƙiƙa uku sun isa, ko ma muryar kawai ta dawo a kunnenta alhali muna kallon fuskarta a yanzu. A bidiyon minti ɗaya kuwa, agogon hannun Baffa da kallon da Nafisa ta yi masa sun gama aikin, kyamara ba ta buƙatar barin ɗakin.

Wanda ke sakin labari shafi-shafi a kullum yana da ƙarin abin lura. Mai karanta littafin takarda idan ya gaji da tarihin kakanni zai iya buɗe gaba ya tsallake. Mai jiranka a guruf ba shi da gaba, abin da ka saki yau shi ke nan sai gobe, kuma da datarsa ya buɗe. Idan ka tsaya jiya a kan Abba yana durƙushe, yau ka ba shi waiwaye zalla, gobe ma haka, to kwana uku ke nan dattijon yana kwance ba a ce komai a kansa ba, kuma a kwana ukun nan wata marubuciyar ta fara sabon littafi. Saboda haka kada ka bari shafin rana ya ƙare a cikin waiwaye. Ka buɗe shi a barandar asibiti, ka je tsakar gidan ka dawo a cikin shafin, ka rufe a inda Nafisa ta tura ƙofar ɗakin ɗibar jini, mai gwajin ya ɗago kai ya tambaye ta wa za ta ba, ita kuma ta yi shiru tana neman sunan da za ta kira shi da shi.